Jawabi Ga Ɗaliban Fassara: Wuyan Wani Yana Bisa Harshenku

Jama'a masu karatu, a wannan mako mun ba da filinmu ga jawabin da aka shirya domin yaye ɗaliban fassara da tafinta a unguwar Gamboru ta birnin Maiduguri. Ko da yake da ɗalibai ake magana, abin ya fi shafar 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, watau mutanen Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabo ta Badun, da Shagamu, da Anaca, da Fatakwal, gama su ne tsautsayi kan kai gaban hukuma a inda ba a jin harshensu. Ga jawabin.

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, manyan baƙi, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, ina yi muku barka da ganin wannan rana.

Ba sai an gaya wa wanda ya tashi a Gamboru cewa harsuna suna da yawa ba. Wanda ya ratsa kasuwar Gamboru da hantsi zai ji Barbarci, da Hausa, da Larabcin Shuwa, da Fillanci, da Margi, da Babur, har da Faransancin fataken Cadi da Kamaru, kuma a haka ake ciniki a rabu lafiya. Dalili kuwa shi ne kasuwa tana yafe kuskure. In magana ta sarƙe sai a nuna kaya da hannu, a ƙirga kuɗi a gaban juna, gani ya kori ji. To, amma akwai ɗakin da ba ya yafe kuskure, inda kalma ɗaya takan zama shekara bakwai a gidan yari. Wannan ɗaki shi ne caji ofis, da ɗan'uwansa kotu. A kansa kaɗai zan tsaya yau, domin a nan ne nauyin da kuka ɗauka ya fi bayyana, kuma wanda ya iya riƙon amana a nan ba zai kāsa a asibiti ko a gidan rediyo ba.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Ku fara da sanin cewa aikinku haƙƙi ne na wanda ake tuhuma, wanda doka ta rubuta masa. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi lalle ne a sanar da shi laifin nan da nan, dalla-dalla, cikin harshen da yake fahimta, kuma idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Sashe na 35 kuwa ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, shi ma cikin harshen da yake fahimta, kuma yana da ikon ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa.

Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta ƙara fayyace abin a sashe na 17. Ta ce idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ne zai rubuta jawabinsa, ya karanta masa har ya fahimta, sa'an nan mai jawabin ya sa hannu, tafintan ma ya shaida, ya rubuta sunansa da adireshinsa da sana'arsa. Jihohi suna da nasu dokokin masu kama da wannan. Ta Jihar Legas har ta nemi a ɗauki hoton bidiyo na jawabin amsa laifi, in kuwa babu na'ura a yi shi a gaban lauyan mai jawabin.

Tun kafin waɗannan dokoki kotunan ƙasar nan sun san haɗarin. A shekarar 1963 Kotun Ƙoli ta Tarayya ta yanke hukunci a shari'ar Ajayi da En'e ta Zariya. Yarbawa biyu ne aka yi wa shari'a da Hausa, alhali ba su jin ta. Tafintoci biyar aka yi ta sauyawa a zama daban-daban, ba a rantsar da ko ɗaya ba, kuma akwai shakka a kan gwanintar waɗansunsu. Kotu ta rushe hukuncin. Kafin wannan, a 1960, an yi shari'ar wani mutumin Yorro mai suna Zakwakwa, wanda ya ba da jawabinsa da harshen Mumuye, wani ya juya zuwa Hausa, daga Hausa kuma aka kai shi Turanci. Da yake ba a sami cikakkiyar shaidar tafintocin biyu a kan abin da suka juya ba, kotu ta ɗauki jawabin a matsayin ji-ta-ji-ta. Kotun Ƙoli ta sake tabbatar da wannan ƙa'ida a 2012: in an rubuta jawabi ta bakin tafinta, sai tafintan ya zo kotu ya ba da shaida, gama ɗan sandan da ya rubuta bai ji maganar mai jawabi ba, maganar tafinta ya ji.

Ku lura da hikimar da ke ciki. Bayaraben da ya tsaya a kotun Zariya yana kallon bakin mutane, shi ne Babarbaren da ke tsaye yau a kotun majistare ta Ikeja. Haƙƙin guda ɗaya ne, kuma tafintan da ya tsare shi ga baƙon da ya zo Arewa ya tsare shi ga ɗan'uwansa da ya tafi Kurmi.

YADDA MAGANA KE LALACEWA A HANYA

Doka ta yi nata. Saura mu ga yadda abin ke ɓaci a aikace, kuma zan buga muku misali guda mu bi shi daki-daki. Misali ne kurum, amma duk wanda ya zauna a zangon 'yan Arewa a Kudu ya san irinsa.

A ce wani magidanci ne daga ƙasar Dikwa, yana gadi a Ikko. Harshensa na gida Barbarci ne, Hausarsa kuwa ta kasuwa ce, ta isa saye da sayarwa. Wata rana 'yan sanda suka sami injin janareto na sata a ɗakinsa na bakin ƙofa, suka tafi da shi. A caji ofis ba wanda ya tambaye shi harshensa. An ga doguwar riga da hula, an ce Bahaushe ne, sai aka leƙa waje aka kirawo wani mai shayi, ko wani kurtun da ya taɓa aiki a Kaduna. Mai gadi zai yi tunani da Barbarci, ya faɗa da Hausar da ba tasa ba, mai shayi ya juya zuwa buroka, jami'i kuma ya rubuta da Turancin ofis. Gada uku ke nan maganar za ta haye, kuma a kowace gada wani abu yana faɗawa ruwa.

Ga abin da mai gadi ya ce: "Wani ɗan'uwana ne ya kawo mini ajiya bayan la'asar. Ya ce zai dawo ya ɗauka, na ce to. Daga baya na ji an ce wai na sata ne."

Ga abin da aka rubuta a takarda, in an mayar da shi Hausa: "Ƙanena ya kawo mini injin da ƙarfe huɗu na yamma, na yarda in ɓoye masa. Na san na sata ne."

Tafintan nan bai yi niyyar ƙarya ba, watakila ma taimako ya zo yi. Amma ku ƙirga ɓarnar. Ta farko, "ɗan'uwana" a bakin ɗan Arewa da ke ci-rani yana iya zama duk wanda suka fito gari ɗaya, ko suke salla a masallaci ɗaya. Kalmar Turancin da aka zaɓa kuwa ta ɗan'uwa na jini ce, saboda haka gobe sai a je a kamo ƙanensa na ciki ɗaya, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta biyu, "ajiya" al'ada ce sananniya wadda maƙwabci kan bai wa maƙwabci, ta zama "ɓoyewa", wadda ke ɗauke da mugun nufi a cikinta. Ta uku, "to" a Hausa sau da yawa ba ta wuce "na ji ka" ba, amma an rubuta ta a matsayin yarda da ƙulla shawara. Ta huɗu, "bayan la'asar" lokaci ne mai faɗi har zuwa faɗuwar rana, an ɗaure shi a ƙarfe huɗu daidai, in wani mashaidi ya zo ya ce ƙarfe shida ne, sai a ce mai gadi maƙaryaci ne.

Ta biyar ita ce mai kisa. Laifin karɓar kayan sata a doka yana tsayawa ne a kan sani, watau sai an tabbatar mutum ya karɓi kayan yana sane da cewa na sata ne. Mai gadi ya faɗi abu uku da suke kāre shi: "daga baya", da "na ji an ce", da "wai". Na farkon yana nuna labarin ya zo masa bayan karɓa, sauran biyun suna nuna ji ya yi, bai tabbatar ba. Tafinta ya ga ƙananan kalmomi ne, ya zubar da su don ya taƙaita, ya bar "na sani". Da haka jawabin kāre kai ya rikiɗe ya zama jawabin amsa laifi, mai gadi kuma ya dangwala yatsa a ƙarƙashinsa. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. A wannan karo kuwa bakin wani ne ya yanka wuyan wani.

Har wa yau ba a gama ba. Ranar da aka gurfanar da shi, magatakardan kotu zai karanta tuhuma ya tambaye shi ko ya amsa laifi ko bai amsa ba. Tafintan da bai san aiki ba yakan taƙaita wannan ya ce, "An sami injin a wurinka ko ba a samu ba?" ko kuwa "Ka yi ko ba ka yi ba?" Mutumin kirki ba zai musa abin da ido ya gani ba, sai ya ce, "An samu." Tafinta ya juya ya ce ya amsa laifinsa. Alhali tambayar kotu ita ce: ka yarda ka karɓi injin nan kana sane da cewa na sata ne? Tsakanin amsa aukuwar abu da amsa laifi akwai tazarar da ta kai tsakanin gida da kurkuku. A laifin da hukuncinsa kisa ne, doka ta sa alƙali ya rubuta cewa mutum bai amsa ba ko da ya amsa, domin a saurari shaidu. A sauran laifuffuka babu wannan kariya, ana iya yanke hukunci a zaman nan.

ABIN DA ZA KU YI

Yanzu a ce ku aka kira maimakon mai shayi. Aikinku na farko, kafin a buɗe fayil, shi ne ku gano harshen da mutumin yake tunani da shi. Kada ku tambaye shi, "Kana jin Hausa?" domin kunya da tsoro za su sa ya ce yana ji. Ku tambaye shi garinsu, da harshen da yake magana da mahaifiyarsa, ku ja shi da hira kaɗan ku ji inda Hausarsa ta tsaya. Wannan gari namu ya ga hujjar haka. A shekarar 2017 wata ƙungiyar duniya, wadda sunanta ke nufin Masu Fassara Ba Iyaka, ta gwada fahimtar 'yan gudun hijira da masu masaukinsu a wurare biyar a yankin Maiduguri, ta tarar mutum 23 ne kacal cikin 100 suka iya amsa tambaya mai sauƙi a kan gajeren rubutu na Hausa ko Barbarci, alhali yawancin sanarwar agaji da Hausa ake yin ta. In haka ta faru a cikin Borno, ina ga Ikko, inda kowane ɗan Arewa sunansa Malam? Idan kun tarar harshensa Margi ne ko Mandara, ku kuwa ba ku iya ba, ku faɗa a fili, a nemo wanda ya iya. Wannan ba gazawa ba ce. Tafintan da ya ɓoye iyakarsa don kada kuɗin zama ya wuce shi, ya sayar da mutum a kan kuɗin mota.

Na biyu, ku yi magana da bakin mai magana. In ya ce "na karɓa", ku ce "na karɓa", kada ku ce "ya ce wai ya karɓa". Wannan "wai" taku ce, kun ɗora masa shakkar da bai furta ba, sa'an nan in tasa "wai" ta zo ba mai iya rarrabe su. Ku juya komai, har da inda-inda, da gyaran da ya yi wa kansa, da zagin da aka yi masa, da barazanar da jami'i ya yi in ya yi. Ku roƙi a riƙa tsayawa bayan jimla biyu ko uku, gama ƙwaƙwalwa ba ta riƙe fiye da haka ba tare da ta fara taƙaitawa ba. Ku riƙe takarda da alƙalami domin sunaye, da ranaku, da adadi.

Adadin kuɗi musamman yana da tarko. A lissafin tsofaffin 'yan kasuwarmu jaka ɗaya naira 200 ce, gadon fam 100 na dā. A bakin mutumin Maraɗi ko Damagaram kuwa jaka ɗaya sefa 1,000 ce, kuma yana ƙirga kuɗinsa da dala, wadda ke daidai da sefa 5. Saboda haka in mutum ya ce "jaka goma", kada ku yi lissafi a zuci ku ba da jimla. Ku ce wa mai tambaya, "Tafinta yana neman a fayyace wane kuɗi ake nufi." Haka za ku yi da "ɗan'uwa", da "bayan la'asar", da "kwanan baya": ku juya su da faɗinsu, in ana son a ƙuntata su a tambayi mai maganar. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, ku raba fassara da sharhi, kuma a nan ku 'yan Borno kuna da gadon da ya fi na kowa. Malaman ƙasar nan sun yi ɗaruruwan shekaru suna juya Alƙur'ani da harshen da ake kira Tarjumo, wanda ya samo asali daga tsohon Kanembu. Akwai rubutattun Alƙur'anai na Borno masu irin wannan fassara a tsakanin layuka, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669. Mai Tarjumo yana bin nassi gaɓa-gaɓa, ba ya tsallake ƙaramin harafi don ya ga ƙarami ne, kuma in lokacin bayani ya zo da Barbarcin yau, mai sauraro ya san an fita daga nassi an shiga sharhi. Ku ɗauki wannan ladabi ku shiga da shi kotu. In al'ada tana bukatar bayani, kamar ma'anar ajiya a tsakanin 'yan ci-rani, ku nemi izini, ku ce wannan bayanin tafinta ne, ku faɗe shi da harsunan biyu don kowa ya ji abin da kuka ce.

Na huɗu, karanta wa mutum jawabinsa ba ya nufin ku karanto da sauri ku ce, "Haka ne?" Wanda ya kwana biyu a bayan kanta zai ce haka ne ga kowace magana, don dai a ƙyale shi. Ku karanta jimla-jimla, a wuraren da ke da nauyi ku ce ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. In da an karanta wa mai gadi "na san na sata ne" da Barbarci, a hankali, da ya daka tsalle ya ce bai faɗi haka ba. Abin da ya fi kyau shi ne a rubuta jawabin da harshen da aka yi shi, sa'an nan a yi fassarar Turanci a wata takarda, a haɗa su biyun, domin in gardama ta tashi a sami asalin da za a koma gare shi.

Na biyar, ku sa sunanku. Wanda ya san wata rana zai tsaya a akwatin shaida, ya yi rantsuwa, lauya ya tambaye shi kalma-kalma, ba zai yi sakaci ba. In kuna da dangantaka da mai ƙara ko wanda ake ƙara, ko kuna bin ɗayansu bashi, ku faɗa ku janye. Abin da kuka ji a ɗakin kuwa ku bar shi a ɗakin, kada ya zama abin hira a majalisar dare.

JARRABAR TAUSAYI

Akwai wata jarraba wadda ta fi cin hanci wuyar ganewa, ita ce ta son taimakon naka. Za ku tsaya kusa da ɗan garinku a baƙon wuri, ku ji yana faɗin maganar da za ta cuce shi, zuciya ta ce ku gyara masa. Waɗansu ma za su ce muku ai wannan shi ne zumunci. Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina. Ba ku san shari'ar duka ba. Maganar da kuka ɗauka mai cutarwa ce wataƙila ita ce lauyansa zai kafa kariya a kanta, wadda kuka ƙara masa kuwa ta ci karo da ta mashaidinsa, a mai da shi maƙaryaci. Bugu da ƙari, a ɗaya gefen akwai wanda aka yi wa sata ko aka ji wa rauni, shi ma yana da haƙƙi a kan harshenku. Sa'an nan ranar da alƙalan Kudu suka gane tafintocin Arewa lauyoyin ɓoye ne, daga ranar ba za a sake gaskata fassarar kowa ba, har da ta mai gaskiyar da zai zo gobe. Taimakon da ya halatta gare ku shi ne ku tabbatar mutum ya ji haƙƙinsa na yin shiru da na neman lauya, da harshen da ya ratsa shi, sa'an nan ku isar da maganarsa cikakkiya.

GA 'YAN'UWA MAZAUNA KURMI

Ta bakin waɗannan ɗalibai ina aika saƙo ga iyayensu da yayyensu da ke neman abinci a Kudu. Ba sai ka iya Turanci ba kafin ka gane ana yi maka mummunar fassara. In ka yi magana mai tsawo tafinta ya juya ta da kalma uku, an zubar da wani abu. In tafinta da jami'i suna ta musayar magana ba a juyo maka ba, ana shari'arka a bayan idonka. In tambayar da ta biyo baya ba ta yi kama da amsar da ka bayar ba, maganarka ba ta isa yadda ka aike ta ba. In an miƙo maka takarda ba a karanta maka da harshenka ba, kada ka dangwala yatsa, ka ce cikin ladabi kana son a karanta maka, kuma kana son lauya.

Abu mafi muhimmanci shi ne lokaci. Kotunan sama sun sha yanke cewa wanda yake da lauya, bai kuwa yi ƙorafin rashin tafinta a lokacin shari'a ba, da wuya a saurari wannan ƙorafi a wurin ɗaukaka ƙara. Saboda haka tun ranar farko, kafin ka amsa komai, ka ce ba ka jin Turanci, ka ambaci harshenka na ainihi, ka roƙi a rubuta. Kada girman kai ya sa ka lallaɓa da burokar da ka tsinta a tasha. Burokar da ta isa cinikin albasa ba ta isa musun tuhuma ba.

Ra'ayina game da gyara kuwa a fili yake. Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari, da ƙungiyoyin 'yan acaɓa, suna tara kuɗin beli da na jana'iza, amma kaɗan ne suke da jerin sunayen tafintoci horarru. Ya kamata kowace fada ta ajiye irin wannan jeri, harshe-harshe, da Barbarci, da Fillanci, da Larabcin Shuwa, da sauransu, ta kai kwafinsa ga caji ofis da rajistaran kotun yankinta da ofishin hukumar ba da lauya kyauta. Hukumomin shari'a na jihohi kuma su ɗauki tafintoci aiki na dindindin, su jarraba su kafin ɗauka, su biya su a kan kari. Duk ranar da aka ɗage shari'a don babu tafinta, wani yana komawa gidan yari ya ƙara makonni a jiran abin da Tsarin Mulki ya ce kyauta ne. Ga matasa nan an horar, aikin kuma yana jiran su.

'Ya'yana, takardar da za a miƙa muku yau tana shaida cewa kun iya harsuna biyu ko uku. Riƙon amana kuwa babu makarantar da ke ba da takardarsa, sai ranar da kuka tsaya tsakanin mai iko da marar gata, ba wanda ya san abin da aka faɗa a ɓangarorin biyu sai ku da Allah. A ranar nan ku tuna da "daga baya", da "na ji an ce", da "wai", ku kai su inda aka aike ku da su.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare harsunanku daga ƙari da ragi, ya kuɓutar da bayinsa da ke tsare ba da haƙƙinsu ba. Amin. Wassalamu alaikum.